Mai Tallar da Ke Bin 'Yata

Shekarar da aka mayar da ni aiki Safana, iyalina suna Batsari, babu wanda ya kai ni amsa waya a ofishin gona. 'Yata ce ke kira, mai shekara goma, da wayar mamarta, kuma tambayar ba ta sauyawa: "Baba, ka isa?" In ce na isa. Kafin in kafe babur ta sake kira ta ji ko har yanzu ina nan inda na isa ɗin. Da wayata ta yi ƙara sai abokan aiki su ce, "Oga na kira."

Sunan mahaifiyata ta ci, don haka ba na faɗin sunanta, Uwata nake ce mata. Mahaifiyar tawa kuma Inna muke kiranta, tana zaune tare da mu tun da ta baro Zakka.

Damuwar yarinyar ba a kaina kaɗai ta tsaya ba. In hadari ya haɗu, katanga za ta faɗo mana. In ƙaninta ya yi tari, shi ke nan ya tafi. In akuya ta ƙi cin dusa, sai ta tsaya a kanta tana kallo har akuyar ta tsargu. Da farko hankali muka ɗauke shi, maƙwabta suna yabo, wai yarinya kamar babba. Sai ciwon ciki ya shigo kowace safiya, sai ta daina zuwa makaranta, domin a makaranta babu waya. Hedimasta ya aiko cewa in ba ta koma kafin jarrabawa ba, za ta maimaita aji, ƙawayenta su wuce su bar ta. Da ta ji wannan saƙon sai ta haɗa shi da sauran, ta ci gaba da damuwa.

A asibiti aka gwada jini, aka gwada abin da ba na son ambata, ba a sami komai ba. Likitan ya tura mu wajen wata ma'aikaciyar jinya da ta karanci lafiyar ƙwaƙwalwa, tana zuwa Batsari daga Katsina mako-mako. Malama muke ce mata. Na shiga ina jiran a rubuta allura, sai na tarar da tabarma, da takardu, da fensir masu kala, da tsakuwa a gwangwanin madara. Na ce a raina yau na bar aikin gwamnati na zo wasan yara.

Malama ta zana mutum, ta ce wa 'yata ta shafa kala a inda damuwa ke zama a jikinta. Ta shafe ciki da ƙirji da ja har takardar ta huje. Sannan aka ba ta tsakuwar carabke biyar a matsayin ma'auni: ɗaya damuwa kaɗan, biyar ta kai maƙura. Malama ta ce, "In Baba ya hau babur, tsakuwa nawa?" Yarinyar ta tura biyar, ta leƙa gwangwanin ko akwai ƙari. A nan dariyata ta tsaya, na ji tausayinta ya kama ni.

Da aka fitar da ita, Malama ta yi mini bayani. Tunani ne ke fara zuwa, ya tayar da jiki, jiki ya sa ta ɗauki waya. In na amsa sai ta ji sanyi na ɗan lokaci, amma abin da ta koya shi ne kiran ne ya tsare ni, don haka gobe dole ta ƙara. Aikin da za a yi shi ne a koya mata duba tunanin, a kuma sauya abin da take yi in ya zo, a hankali.

"Wato ni ke ciyar da abin," na ce.

"Kai da wayarka, Malam."

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce mata hanyar Safana ba tatsuniya ba ce, kowa ya san abin da ake yi a dajin nan. Ta ce ta sani, ita ma a mota ta zo, ba a jirgi ba. Ba za a ce wa yarinya babu haɗari ba, domin za ta gane ƙarya ce. Za a nuna mata ne cewa tsaron hanya kayan manya ne, ba nata ba.

A zama na gaba Malama ta ce wa yarinyar ta zana damuwar kamar wata halitta, don ta gan ta a waje, ta san ba ita ce damuwar ba. 'Yata ta zage ta zana wani abu mai jajayen idanu da dogayen kunnuwa da ƙafa ɗaya. Aka yaba, muka kawo shi gida. Inna ta ɗaga takardar, ta nisanta ta daga fuskarta, ta yi salati.

"Takwara, ina kika ga wanga?"

"Shi ke damuna, Inna."

"To, ga shi ɗiyar ta faɗi da bakinta. Ku kuna can kuna yawon asibiti."

Kafin magariba an ƙona zanen, gida ya cika da hayaƙin habbatus sauda, an aika a kira malamin unguwa. 'Yata, wadda duk cikin damuwarta ba ta taɓa tunanin aljani ba, ta samu sabo kyauta. Ranar ko banɗaki sai da rakiya.

Mako na zagayowa Inna ta yafa mayafi ta ce da ita za a je, tana son ganin mai sa jikarta zana iska. Malama ta durƙusa ta gaishe ta, aka tambayi gida da ƙafa da damina da mutanen Zakka. Sannan Malama ta ce kuskuren nata ne: inda aka rubuta littattafan da ta karanta, dodo abin wasan yara ne, a nan kuwa ba a wasa da shi. Addu'a kuma a ci gaba da yi, ba ta hana wannan aiki ba. Inna da ta zo da shirin faɗa ta rasa inda za ta ajiye shi.

Malama ta juya ga 'yata. "Wa ke zuwa gidanku kullum ba a kira shi ba, ya dame ku, amma ba kya tsoronsa?"

Ta yi tunani. "Mai tallar awara."

Aka zana yarinya da faranti a ka da baki a buɗe. Malama ta ce wannan mai tallar kayanta iri ɗaya ne, duk da "idan fa" suke farawa: idan fa Baba bai dawo ba, idan fa katanga ta faɗi. Ta tambayi Inna abin da take ce wa mai talla in ba ta saye.

"Mi zan ce? Allah shi kawo kasuwa."

"Kina korarta da sanda?"

"A'a. In ta gaji da tsayuwa ta wuce."

Daga nan wasan ya koma gidana, kuma ni aka naɗa mai talla. Bayan la'asar, wanda shi ne lokacin da aka keɓe wa damuwa, sai in ɗora farantin mamarta a ka in yi sallama a tsakar gidana: "Za a sayi idan fa katanga ta faɗi?" 'Yata kuma ta duba kayan kamar mai sayen tumatir. Sau nawa aka kawo wannan? Kullum. Sau nawa katangar ta faɗi? Ba ta taɓa ba. In kayan nata ne, kamar aikin gida da ba ta yi ba, sai ta tashi ta yi. In na manya ne, kamar hanya, sai in gaya mata gaskiya sau ɗaya: da rana nake tafiya, ina tambayar hanya kafin in hau, in an ce ba kyau ba na fita, sauran kuma na Allah ne. In ta sake tambaya, amsar ita ce mun riga mun yi wannan. In mai tallar ta zo da safe, a ce mata ta dawo la'asar. Wani maƙwabcina ya leƙo rannan ya gan ni da faranti a ka, ya ce zai dawo, bai kuma taɓa tayar da maganar ba.

A ƙasa kuma aka zana gidajen 'yar gala-gala, kowane gida da matakinsa, 'yata ta jera su da kanta daga mai sauƙi. Na farko, ta jira a gama karyawa kafin ta kira. Can gaba, ta je makaranta ta zauna zuwa ƙarfe tara. Na ƙarshe, yini guda a aji, kira ɗaya bayan an tashi. Ba ta tsallaka gida sai tsakuwar wanda take ciki ta ragu. Da saninta aka yi cewa in ta kira ba a lokaci ba, ba zan ɗauka ba. Mamarta za ta zauna da ita, su ja numfashi su sake a hankali kamar mai hura kunu, har abin ya lafa da kansa. Wannan ne ya fi yi mini wuya. In zauna a ofis waya na ƙara a gabana, na san wadda ke riƙe da ɗaya ɓangaren tana kuka, in tura hannuwana ƙarƙashin cinya.

Ba a miƙe abin ya tafi ba. Wata rana aka ce hanya ba kyau, na kira da kaina na ce a Safana zan kwana, tsakuwa ta koma biyar, muka ja baya gida biyu. Malama ta ce haka yake, a ci gaba daga inda aka tsaya. Kafin a fara girbin gero 'yata ta koma aji. Ta zauna jarrabawa, ta zo tsakiyar aji, ta wuce tare da ƙawayenta. Inna ta ce hayaƙin ne, babu wanda ya yi mata musu.

Saura kira ɗayan nan na bayan tashi daga makaranta. Wata Laraba na idar da azahar, na ajiye waya a kan tebur, shiru. Na duba ko a kashe take. Na fita gindin dalbejiya inda sabis ya fi kamawa. Idan fa ba ta dawo daga makaranta ba? Idan fa wani abu ya faru a Batsari ba a gaya mini ba? Na kira. Mamarta ta ce tana waje suna wasa, bari a kira ta. Ta zo tana haki.

"Baba, lafiya? Ni ce da shiga fa."

"Lafiya lau, Uwata. Shiru na ji."

"Mantawa na yi. Tsakuwa nawa?"

Na ce huɗu.

"To ka hura kunu, ka ce mata Allah ya kawo kasuwa."

Ta ajiye wayar ba ta kashe ba. Ina jin ƙarar silifas ɗinta tana gudu, da muryoyin yara can nesa suna gardamar wa ya taka layi. Na daɗe a tsaye ina saurare. Daɗi nake ji, kuma kewa ta kama ni, duka biyun a lokaci guda.

Da na koma ciki wani abokin aiki ya ɗago kai. "Yau Oga ba ta kira ba?"

Na ce, "Ta sallame ni."