Guguwa da Albashi na Ashirin da Bakwai

Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ba mu ɗauko hali ɗaya ba. Tun yana yaro ake ce masa Guguwa, don ba ya shiga ɗaki ya bar abu a inda ya same shi. Ya yi kwandasta, ya yi gyaran keke, daga baya ya samu aikin lodi a kamfanin kwali, inda ake biyan albashi ranar Juma'a, duk bayan mako biyu. A nan ya yi aure, a nan furfura ta fito masa, har aka ɗaga shi ya zama shugaban masu lodi, aka ba shi usur da rigar da ta fi ta kowa aljihu.

Kowace shekara idan ya samu sabuwar kalanda, sai ya zauna a tabarma da jan biro yana zagaye ranakun albashi. A bara yana cikin zagayen sai ya ga na farko ya faɗa ranar ɗaya ga Janairu, na ƙarshe kuma talatin da ɗaya ga Disamba. Ya ƙirga, ashirin da bakwai. Ya sa 'yarsa ta ƙirga, haka nan. Da takalmi ƙafa ɗaya ya zo gidana, yana cewa shekara ta haihu.

Kafin yamma ya je shagon kayan wuta ya ba da kafin alƙalami a kan wani firij mai ƙofa biyu, wanda matarsa ta daɗe tana leƙe ta gilashi. Ya gaya wa surukarsa, ya gaya wa mai aski. Ya janye kabad daga bango ya share wa firij wurin da hannunsa, abin da ba a taɓa gani ba. A wurin aiki kuwa ya hau kan tarin kwali ya busa usur ya yi wa masu lodi bushara, suka ɗaga shi sama.

Mai biyan albashi, wata dattijuwa mai tabarau a ƙarshen hanci, ta ji hayaniya ta kira shi. Na raka shi, don ya ce in zo in zama shaida. Ta ce ƙirgarsa daidai ce. Mako biyu sau ashirin da shida kwana ɗari uku da sittin da huɗu ne, shekara kuwa ta ɗara haka da kwana ɗaya, wani lokaci biyu. Rarar nan ke taruwa, kamar bayan shekara goma sha ɗaya sai a samu ranar biya ta ashirin da bakwai. Ta ce wasu kamfanonin sukan ajiye kaɗan-kaɗan duk shekara su biya shi a matsayin ƙari. Masu lodi ma da ake biya da awa za su karɓi nasu cif. Guguwa sai gyaɗa kai yake yi yana taka min ƙafa.

"Amma kai, shugaba, yanzu albashinka na shekara ne," in ji ta. "Kuɗin ɗaya ne, kashi ashirin da bakwai za mu raba shi. Kowace Juma'ar albashi sai ka ga ya ɗan rame."

Ya ciro usur ya ajiye mata a tebur, wai a mayar da shi lodi. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta nuna masa ƙarin girman da ya samu ya fi abin da yake kuka a kai. Ya mayar da usur aljihu a hankali.

A gida matarsa ta saurare shi tana tsintar shinkafa. Ita dama da albashi biyu take tafiyar da kowane wata. Watan da na uku ya faɗo, wanda sau biyu ne a shekara, shi ne kuɗin makarantar yara. Ta ce bana sau uku zai faɗo, to na Janairu kada a taɓa shi, a ajiye a riƙa cike gurbin ramar nan da shi har shekara ta ƙare.

"Yaya, ka gani ko? Ya share wurin firij da kuɗin cefanena," ta ce min.

Washegari ta ɗaura gyale ta je shagon da kanta. Mai shago ya ƙi mayar da kafin alƙalami, sai ta zauna a kujerarsa ta ƙi tashi, har ya yarda ya ba ta wani ƙaramin firij na hannu a bakin kuɗin. Tsayinsa bai wuce ƙugu ba, kuma idan ya tashi aiki sai ya yi gurnani. Guguwa ya ɗauko shi a ka, masu lodi huɗu na biye da shi suna tafi. Aka kira surukarsa ta zo ta sha ruwan farko, ta ce haƙoranta sun amsa, ta nemi ƙari.