Muryar Inna da na ƙwato daga kati

Har yau in na tuna ranar nan sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Lokacin ina sabon shiga aikin haɗa bidiyo, a wani ɗan shago nan Zinder. Shugaban wata ƙungiya daga wajen Tirmini ya kawo mani katin kamara in haɗa masu fim. Famfon garinsu ya mutu, mata na tafiya mai nisa neman ruwa, kuma jibi masu tallafi za su zo su kalli fim ɗin kafin su yanke ko za a gyara.

Na kwafe katin a kan ordinatar, wato kwamfuta, don ba a taɓa asali. Duk abin da ya buɗe jawabin shugaban ne, yana gyara hula, yana godiya ga kansa. Bidiyo guda ɗaya ne ya ƙi buɗewa, shi ne na wata tsohuwa, Inna, da matan suka zaɓa ta yi magana a madadinsu. Surutun mutumin nan ya shanye batir, kamara ta mutu tana tsakar magana. Hoto da sauti suna ciki, amma kamara ba ta samu rufe shi ba, saboda haka babu abin da ke iya karanta shi.

"Ka bar shi mana," in ji shugaban. "Ai na faɗi komai."

Wallahi sai da na ji kamar in tofar da yawu. Maganin irin wannan shi ne a samo lafiyayyen bidiyo daga kamarar nan, mai saiti ɗaya, manhajar gyara ta kwaikwayi tsarinsa ta sake gina mataccen. Lafiyayyen da nake da shi kuwa nasa ne. Nan kaɗai jawabinsa ya yi amfani.

Karon farko hoto ya fito kore shar. Na canza wani bidiyon nasa, sai ga Inna, amma bakinta gaba, muryarta baya. Allah ya taimake ni, mai tafa hannu ce in magana ta ɓata mata rai. A kan tafin na daidaita sauti da hoto. Na ji ta sarai, tana faɗin yadda jikarta ta yi ɓari a hanyar rijiya da tulu a kai.

Ranar kallo aka zaunar da mata can baya a tabarma. Inna na bayyana a bango, shugaban ya miƙe, ya rage sauti, ya tsaya gaban hoton, wai zai fassara wa baƙi da Faransanci. Fuskarta na kan babbar rigarsa. Bai ambaci jikar ba. Kujerun ofis ya roƙa.

Ina naɗe wayoyin na'urar nuna fim sai Inna ta zo ta dafa ni.

"Ɗana, sun ji ni kuwa?"

"Ni dai na ji ki, Inna."

Ta dube ni, ta gyara mayafinta, ta ce bari su kama hanya, ba su ɗebo ruwan yau ba.