Kalmomi Hamsin na Audi Mai Hoto

Audi mai hoto ya fara sana'a tun zamanin da sai mutum ya yi wanka ya sa riga mai guga kafin a ɗauke shi. Shagonsa na kusa da tashar mota a Birnin Gwari, ɗaki ɗaya da jan ƙyalle a bango. Shekara ashirin yana ɗaukar fasfo, kuma a cewarsa babu haɓar da bai taɓa ɗagawa ba a garin nan. Sai waya ta zo, kowa ya zama mai hoto, har wanda bai iya riƙe ludayi daidai ba. Audi ya koma zaman benci yana gaida masu wucewa, waɗanda dā su ke gaishe shi.

Deborah, 'yar garin Randagi mai shagon buga takardu a jikin nasa, ita ta nuna masa wani shafin intanet inda masu hoto ke zuba hotunansu, jaridu da kamfanonin duniya su saya. Ta karanta masa ƙa'idojin. Hoton da fuskar mutum ta fito, in mai fuskar bai sa hannu a takardar yarda ba, ba a sayar da shi don talla, sai don labarai kawai. Kowanne kuma sai an rubuta masa bayani: gari, ƙasa, kwanan wata, da abin da ke faruwa a ciki, ba ƙari ba ragi. A ƙarƙashin wannan akwai gurbin kalmomin nema, har hamsin, da Turanci.

"Mai saye ba ya zaga kasuwa, Baba Audi," in ji ta. "Kalma yake bugawa. In ba ka sa kalmarsa ba, hotonka da babu duk ɗaya."

Suka raba aiki, shi da kyamara, ita da Turanci. Kalmomin da take sawa: kasuwa, doya, masara, tumatir, babur, ɗan kasuwa, Afirka ta Yamma. Gaskiya zalla. A wata takwas suka zuba hoto ɗari uku, duniya ta duba da kyau ta sayi huɗu. Ɗaya na albasa ne.

Wata rana Audi ya sa ta buga sunan garin, don ya ga abin da masu saye ke haɗawa da shi. Ba doya ba ce. 'Yan bindiga, satar mutane, daji, rashin tsaro. Ashe duniya ta san Birnin Gwari sarai, abu ɗaya tak ta sani, kuma ya ishe ta.

"To ki sa mana su mana."

"A hoton albasa?"

"Albasar ba a nan aka noma ta ba?"

Deborah ta ce ita hannunta ba zai rubuta ba. Audi bai yi musu ba, sai dai ya kwafe kalmomin huɗu a bayan kwalin batir, harafi bayan harafi.

Ranar wata kasuwa ya ɗauko hoto arba'in masu kyau. Mafi kyawunsu na Modibbo ne, makiyayi daga wajen dajin Kamuku, zaune kan babur a bakin kara, wato kasuwar shanu, ya ja rawani ya rufe haɓa, bijimansa biyu na tsaye a bayansa. Deborah ta rubuta wa kowanne bayaninsa da kalmominsa, sai aka kira ta Randagi, mahaifiyarta ba lafiya. Ta ce ya jira ta kafin a tura. Amma Audi ya sha kallon yadda take zaɓar hotuna gaba ɗaya ta liƙa musu kalma a tashi guda. Ya fito da kwalin batir, ya zaɓi arba'in ɗin cif, ya ƙara musu kalmominsa huɗu, ya tura. Mai tantancewa, ko mutum ne ko na'ura, ya ga rawani ya ga babur, bai ga abin tambaya ba.

Cikin mako biyu aka sayi hoton Modibbo sau goma sha ɗaya. Audi ya fara yi wa 'yan tasha bayanin yadda kasuwar duniya take tafiya.

Hantsin wata ranar kasuwa, Huraira matar Modibbo ta shigo shagon ba sallama. Ta sauke ƙwaryar nono da ko ludayi ɗaya ba a saya ba, ta miƙa masa wata waya da ta aro. Wani shafin labarai ne, labarin hari a wata jiha da Modibbo bai taɓa takawa ba, ga fuskarsa a sama.

"Ina bijiman?" Audi ya tambaya.

"Ni zan tambaye ka, mai hoto. Maigidana yana hannun 'yan sa-kai a bakin gari tun safe."

An yanke bijiman, an jefar da bayanin Deborah, an bar rawani da babur. Audi ya san ma'anar Bafulatani ya shiga hannu da irin wannan suna. Ba kullum ake komawa gida ba.

Deborah, wadda ta dawo kwana biyu da suka wuce, ta buɗe shafin sayar da hotunan ta ga aika-aikar. Ta ce za a iya goge kalmomin, a sauke hoton ma, amma wanda ya riga ya saya ya saya.

"To goge, 'yata, maza."

"Ba yanzu ba. Ka fara kai su inda za su yi amfani, tunda kai ne Baturen da ya rubuta su."

Suka tarar da Tasi'u, shugaban 'yan sa-kai, yana zaune a inuwar mangwaro, Modibbo na ƙasa a gefensa ba rawani. Audi ya yi bayani, ya nuna asalin hoton da bijimansa da kwanan watansa. Tasi'u ya ce shi dai abin da jarida ta buga ya gani, kuma Turawa ba sa rubuta abu a banza.

"Ba Turawa ba ne, ni ne," in ji Audi.

Deborah ta buga kalmar 'yan bindiga da sunan garin a wayarta, ta miƙa. Modibbo ne a farko. Ta ce ya ci gaba da ja. Sai ga wata tsohuwa mai daddawa. Sai ladanin masallacin tasha yana taya kaza. Sai tulin doya. Sai jaki. Sai wani ƙaton mutum ya duƙa yana latsa gwanda ya ji ko ta nuna.

"Oga, wannan kamar kai," in ji ɗaya daga mutanensa.

Tasi'u ya daɗe yana kallon ƙeyarsa da rabin fuskarsa a tsakanin jaki da doya.

"Ni ma an saya?"

"Kai ba a saya ba tukuna," in ji Deborah. "Ba ka da rawani."

Aka miƙa wa Modibbo rawaninsa. Ya naɗa shi tsaf, sannan ya dubi Audi.

"Ranar nan ka ce in ɗaga haɓa, na ɗaga maka. Allah ya saka."

Kafin azahar kasuwa duka ta ji. Mai daddawa ta zo da kanta ta tambaya ko a wane daji take kwana. Sarkin kasuwa ya yanke cewa kyamarar Audi ba ta ƙara kallon fuskar kowa. Deborah ta goge kalmomin huɗu daga hoto arba'in, ta sauke na Modibbo, ta rubuta wa shafin labaran takarda. Har yau suna nazari.

Yanzu Audi doya yake ɗauka, da albasa, da buhunan masara, kalmominsu duka na gaskiya, kuma duniya na ci gaba da haƙuri da su. Hoton mutum ɗaya ya wanke tun daga lokacin. Modibbo ne ya aiko a yi masa, cikakke da bijimai biyu, da bayanin Deborah a ƙasa, Hausa da Turanci, a rufe da leda. Yana aljihunsa tare da katin ɗan ƙasa, kuma a kowane shinge shi yake fara fitarwa.