Akwati mai lamba 217

A kasuwar Djougou ba wanda bai san Zouéra mai sabulu ba, amma kaɗan ne suka san 'yar Parakou ce, haifaffiyar Zango, aure ne ya kawo ta. Doguwa ce, ga saurin tafiya, ga rashin son a maimaita mata magana. Mijinta malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mutum mai tsoron gwamnati har cikin ɗakinsa. Ko rediyon waje zai kunna sai ya rufe taga.

Mahaifinta, Malam Hassoumi, dillalin manyan motoci ne a bakin tashar jirgin ƙasa ta Parakou. Kaya su sauko daga jirgi, shi ya san motar da za ta kai su Nijar. Shagonsa bai fi ɗakin kwana ba, amma yana da abin da rabin unguwa ba su da shi: wutar lantarki, da tarho, da jaridar da ake aiko masa kullum, ya ninke ta ya yi fifita, da kuma akwati a gidan waya mai lamba 217. Makullin akwatin a wuyansa yake, a zare ɗaya da laya. Duk wanda ke da ɗa a Abijan ko miji a Kumasi, lambar nan yake bayarwa, a rubuta sunansa, a ƙara da cewa ta hannun Hassoumi.

'Ya'yansa biyu ne, Zouéra da ƙanenta Daouda, wanda ya yi karatu har jami'a a Kwatano. Shekarar 1985 da ɗalibai suka yi yaji aka shiga kame, Daouda ya tsallake iyaka da rigar jikinsa. Tun daga nan ba a sake ganinsa ba sai dai a takarda. Bayan wata uku ko huɗu ambulan zai faɗo cikin 217 da sunan wata Rabiatou Gaji, matar da Allah bai taɓa halitta ba. Ba sunan mai aikowa, ba adireshi, tambur ɗin, wato kan sarki, yau na Togo, gobe na Gana. Hanyar ke nan guda ɗaya tak, kuma daga can take zuwa, ba ta komawa. A wasiƙar ƙarshe ya ce ya kusa samun wurin zama, ta gaba za ta zo da adireshin da za a rubuto masa.

Kafin ta gaban ta zo, hawan jini ya kada Malam a ƙofar shago, ɓarin jikinsa ya shanye. Zouéra ta ɗauke shi zuwa Djougou ta yi jinyarsa wata biyu. Baki ya karkace, magana ba ta fita, amma wata safiya ya kama zaren wuyansa da hannun da ke motsi, ya yi ta ja har sai da ta cire makullin ta rataya a nata wuyan. Sannan ya saki. Kwana huɗu bayan haka ya cika.

Da aka yi sadakar bakwai, Baffa Ibrahimu, ƙanen marigayin, ya kira ta gefe.

"Mai shago na son shagonsa," in ji shi. "Ke kika ɗan shiga lakwal. Ki je Parakou ki kashe wutar nan da tarhon, da jaridar da ba mai karantawa. Kada a bar sunan mamaci yana yawo a takardun gwamnati."

"To, Baffa."

Abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ita ba mai barin aiki ya kwana ba ce. Ta karɓi takardar mutuwa, ta sa aka yi mata kwafi uku masu hatimi, ta hau mota. A Parakou gidan waya ta fara zuwa, ta buɗe 217. Wasiƙun maƙwabta biyar, jaridu sun cushe, Rabiatou babu. Ta rufe ta ce a ranta, ranar arba'in in na zo zan same ta.

Faransancin Zouéra na ciniki ne, bai kai na rubuta wa hukuma ba. Sai ta je wurin Sabiou, mai rubuta wa mutane takardu a gindin mangwaro daura da gidan waya, wani tsoho mai tabarau ɗaure da zare.

"Allah ya ji ƙan Malam," ya ce yana saka takarda a keken rubutu. "Me za a rubuta, 'yata?"

"Abonuma ɗinsa za a kashe, Baba."

"Wanne daga ciki?"

"Duka. Duk wani abonuma da ke da sunansa."

Kash, wannan kalma ta duka! A wurin Zouéra, abonuma shi ne abin da ke zuwa maka ta waya ko ta takarda, wuta da tarho da jarida. Akwati kuwa ai akwati ne. Yana da ƙofa, yana da makulli, makullin yana wuyanta. Tun tana yarinya take jin ana cewa akwatin Hassoumi, kamar yadda ake cewa keken Hassoumi, ita a zatonta saye ya yi, gado ne kamar buta da darduma. Ba ta taɓa sanin haya ce ta shekara-shekara ba, ba ta kuma lura cewa a zamanin nan tarho da akwati duk gida ɗaya ke riƙe da su ba. Sabiou bai yi laifi ba, abin da aka ce ya rubuta. Ta sa hannu a takardu uku, ta kai ta wuta gidan wuta, ta aika ta jarida Kwatano, ta miƙa ta ukun a kantar gidan waya haɗe da takardar mutuwa. Aka buga hatimi, aka ce shugaban gidan zai duba. Ta koma Djougou har tana jin daɗi ta sauke nauyi.

Gidan waya ya yi aikinsa daidai. An cire tarho, an rubuta wa magadan Hassoumi cewa an rufe akwati, su kawo makulli. Sai dai takardar cikin akwatin aka jefa ta, inda ba mai buɗewa, don adireshin da suke da shi ke nan. Da wa'adi ya wuce aka sauya kuba. Masu jiran akwati a Parakou kuwa sun yi layi tun bara.

Jajiberin sadakar arba'in Zouéra ta sauka daga mota, ko gida ba ta shiga ba ta wuce gidan waya da jakarta. Ta zura makulli, ya shiga rabi ya tsaya. Ta cire, ta goge shi da bakin zane, ta sake. Ta duba lamba, 217 ce. Ta tofa masa yawu ta murɗa har yatsanta ya yi ja.

A kantar gidan wayan wani ma'aikaci ne da ba ta sani ba, ɗan kudu, mai ladabi, yana haɗa Faransanci da guntuwar Hausa.

"Kamarad, an rufe 217. Magada suka nema." Ya buɗe fayil ya juyo mata. "Ba hannunki ba ne wannan?"

"Ni tarho na ce a kashe."

Ya ɗora yatsa a kan layin, ya karanta mata a hankali: duk abonuma. "Akwati ma abonuma ne, madam."

Sai da ta dafa kantar. Wallahi da ƙasa za ta tsage da ta shige, don haushin kanta ya fi na kowa. Ta ce a mayar mata, za ta biya ko nawa ne, a sa sunanta. Ya girgiza kai. An riga an ba wani ofishin gwamnati, masinjansu ke zuwa kullum. In tana son wani akwati ta rubuta takardar nema ta jira, amma lambar ba za ta zama 217 ba.

"To wasiƙun da suka zo fa?"

"Wanda ofishin bai san sunansa ba, masinja na dawo mana da shi. Mai suna ya zo da katinsa na shaida ya karɓa. In bai zo ba, a mayar wa mai aikowa."

"In ba a rubuta mai aikowa ba?"

"Sai Kwatano. Akwai ɗakin wasiƙun da suka rasa mai su, can aka yarda a buɗe, a nemi adireshi a ciki."

A buɗe. Adireshin da uba ya mutu yana jira, wani baƙo ne zai karanta shi a Kwatano. Zouéra ta waiga. Layi ya taru a bayanta, kuma wanda ke dab da ita jandarma ne, ya zo kwasar wasiƙun bariki da buhunsa, yana ta duba agogo.

Ma'aikacin mutumin kirki ne, taimako yake so ya yi. Ya jawo wani ƙulli da aka ɗaure da roba. "Ga na 217 da suka dawo. Ko kin san masu su, ki faɗa musu su zo kafin Asabar." Ya shiga kira ɗaya-ɗaya. Mounkaila mahauci, ta ce ta san shi. Hadjo matar direba, ta san ta. Sannan ya ɗago wani shuɗin ambulan mai tambur ɗin Gana, ya ajiye a kan kantar, bai kai kamu ɗaya daga hannunta ba.

Rubutun Daouda ne, mai kwanciya ta hagu, mai doguwar jela. Ambulan ɗin ya fi na kullum kauri.

"Rabiatou Gaji," ma'aikacin ya karanta. "Babu mai aikowa. 'Yar gidanku ce? Ta zo da kati kawai."

Kati daga ina? In ta ce ita ce, katinta na cewa Zouéra. In ta ce 'yar'uwarta ce, za a ce tana ina, kuma duk Zango an san 'ya'yan Hassoumi biyu ne, an kuma san dalilin da ya sa ɗayan ba ya gari. In ta roƙa a ɗaga mata ƙafa, sai an tambayi dalili, ga kunne a bayanta. Ta tuna mijinta da tagarsa, ta tuna 'ya'yanta uku. Ta yi tunanin ta fizge ta ruga, sai ta ga ƙofar da nisa, kuma jandarman ya matso ya ɗora buhunsa a kan kantar, yana kallon ambulan ɗin don ba shi da abin kallo.

"Madam?"

"Ban san ta ba," in ji Zouéra.

Ma'aikacin ya ɗaga kafaɗa, ya ja layi a kan lambar, ya rubuta kalma ɗaya a gefe, ya jefa ambulan ɗin cikin kwandon Kwatano. Ya miƙo hannu ya ce saura makulli, na gidan waya ne. Zaren ya ƙi kwancewa, sai da ta sa haƙori ta tsinke shi. Ya ba ta wuri ta sa hannu, ta sa, ta matsa gefe jandarman ya wuce gaba.