Layin da Lawal Faci Ya Karɓo

Duk wanda ya ce maka Lawal Faci mutumin kirki ne tun asali, ƙarya yake yi, ka ce ni Lado mai wankin babura na faɗa. Rumfata na jikin tasa a Ƙofar Kwaya, kuma tare muka tashi. Kafin ya kama facin taya, ƙauraye yake yi, waɗannan 'yan daban na Katsina da ke sara kafin su tambayi sunanka. Tabon adda ya raba masa gira biyu. Na taɓa ganinsa ya ɗaga ƙato ya buga da ƙasa saboda an taka masa silifa.

Mutuwar mahaifinsu ce ta sauke shi. Ya dafa Alƙur'ani gaban Inna, mahaifiyarsu, ya rantse ba zai ƙara ɗaukar makami ba, ya sayi injin ba taya iska, ya zauna. Da wannan facin ya kai ƙanwarsa Baraka har ta gama jami'a ta yi bautar ƙasa. Shi ko sunansa da kyar yake rubutawa, amma idan ana hira sai ya ce "digirinmu", mu yi ta yi masa dariya.

Bayan ta daɗe zaune a gida, wani kamfanin irin shuka ya ce yana neman ma'aikata, a tura takardu ta imel. Ranar rufewa Baraka ta je wani shago aka ɗauki hoton takardunta aka zuba mata a waya, ta shiga keke Napep tana rubuta saƙon don kada lokaci ya ƙure. Ta sa sunanta, da abin da ta karanta, da lambarta da ta yayanta. Tana cikin rubutun wasu biyu a kan babur suka matso. Na bayan ya kama wayar, ta ƙi saki, ya zare wuƙa ya yanke ta a damtse. A wannan kokawar yatsanta ya danna wurin turawa, saƙon ya tafi guntu, babu takarda ko ɗaya a jikinsa.

Da Lawal ya ga ɗinkin da aka yi mata, sai ya dawo rumfa ya ɗauki ƙarfen ɓanɓare taya ya tsaya yana kallonsa. Ni dai na ja baya. Can ya ajiye.

Mun ɗauka aikin ya wuce, sai ga kira a wayarsa, wata Madam Patience daga kamfanin. Ya buɗe muryar wayar don mu ji, ya sa aka kira Baraka.

"Mun ba ki amsa ta imel, muka ji shiru," in ji matar. "Ga abin da muka rubuta: saƙonki ya iso kafin a rufe, amma ya yanke a tsakiya kuma babu takardu. Ki mayar da amsa a kan wannan saƙon, ki haɗa da takardunki, kafin azahar ɗin Alhamis."

Baraka ta gaya mata abin da ya faru, ta roƙi a bari ta turo ta wani sabon adireshi. Matar ta yi mata jaje sosai, amma ta ce an riga an rufe karɓa. Adireshin da ya shigo kan lokaci shi kaɗai za a duba, don in aka buɗe wannan ƙofar kowa zai zo da labarinsa.

To ga inda abin haushin yake. Imel ɗin wani mai shagon kwamfuta ne ya buɗe mata tun tana neman shiga jami'a, shi ya zaɓi kalmar sirrin, shagon kuma ya daɗe da zama wurin sayar da katifa. A wayar kawai yake buɗe. In za a sauya kalmar sirrin, sai an turo lamba ta layinta. Layin kuwa na marigayi babansu ne, da sunansa aka yi rajista, Inna ce ta hana a sauya don tana son lambar mijinta ta ci gaba da ƙara a gidan. A ofishin kamfanin layin suka ce ba sa sabunta shi sai mai shi ya zo da kansa, in ya rasu kuwa sai an kawo takardun kotu. Kafin Alhamis? Ina!

Da safiyar Alhamis Lawal ya ce in duba masa rumfa. Na ce, "Mi za ka yi?"

"Layin zan karɓo. Wayar sun riga sun goge sun sayar, amma layi ba sa yarwa, da shi suke lalube asusun banki."

Ya juye aljihunsa a gabana don in shaida babu ko reza. Na rufe rumfunan biyu na bi shi, tsoro kamar ya kashe ni.

Lawal ya san ƙaurayen da ke ƙwacen waya a wannan hanyar, matattararsu wani kango ne a bayan unguwa. Shugabansu yanzu Sule ne, wanda Lawal ya koya wa riƙon adda. Sule ya yi dariya ya ce, "Ustaz ya zo wa'azi." Ya jawo gwangwanin madara cike da layuka ya zazzage a ƙasa, ya ce in ya isa ya ɗauka. Dokarsu ce, kuma Lawal ya san ta, don da shi aka kafa ta: wanda ya tuba ya fita ba ya dawowa ya ɗauki ko tsinke sai ya bi ta hannun kowa.

Lawal ya durƙusa yana tonawa. Gorar farko a gadon baya ta sauka. Ta biyu a kunne. Bai ɗago ba. Layin babansu tsohon yayi ne, babba, shi da kansa ya yanke shi da almakashi don ya shiga wayar Baraka, gefensa a karkace. Shi yake nema, jini na ɗiga a kan sauran. Da ya gan shi ya kai hannu, sai Sule ya taka hannun ya sauke masa adda a kan yatsun. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake maƙale a bakin ƙofa. Wallahi akwai adda yashe kusa da gwiwarsa, kuma na ga ya kalle ta. Ya sa hannun hagu ya ɗauki layin ya jefa a baki, ya dunƙule, suka yi ta harbinsa da ƙafa har suka gaji.

A kan babur na ɗauke shi, na ɗaure shi a bayana da rawanin wani dattijo da ya taimaka mana. A asibiti ya ƙi buɗe baki, ma'aikatan jinya na ta faɗa, har Baraka ta iso. Ya kama tafin hannunta ya tofa mata layin, tare da haƙori guda.

Ta tsaya tana kuka. Na daka mata tsawa, na ce in ta bari wannan dukan ya tashi a banza ni da ita ne. Ta goge layin da mayafinta, muka sa a wayata, lambar ta shigo, imel ya buɗe. Mai shagon da ya ɗauki hoton takardun ya sake turo su. Tana zaune a dakalin asibitin ta rubuta saƙon, ta karanta shi tun daga sama har ƙasa, ta tura ana kiran salla.

Sun kira ta ganawa, kuma sun ɗauke ta. Sule yana hannun hukuma, ni na kai sunansa, kowa ma ya ji. Hannun Lawal na dama kuwa yatsu biyu suka rage a jiki, ba ya iya riƙe ƙarfen taya, ya sayar da injin.

Amma duk wannan daga baya ne. Ranar da ya fara iya magana, baki a kumbure, likita ya tsaya zai yi masa bayanin hannun. Lawal ya ɗaga na hagun ya dakatar da shi, ya juya wajen ƙanwarsa.

"Wannan karon saƙon ya tafi duka?"

"Duka, Yaya."

"To," ya ce wa likitan, "faɗi naka."