Ranar da Dikko Ya Zama San

Injiniya Dikko mutumin Funtuwa ne. Shekara tara ya yi a Doha yana wa wani kamfanin Japanawa aikin shimfiɗa bututun gas, kuma duk tsawon shekarun nan maigidansa Moriyama bai taɓa kiransa da komai ba sai Dikko-kun. Dikko ya san tsarin laƙaban Japanawa sarai. Laƙabin san na girmamawa ne ga kowa, tsara ko baƙo. Kun kuwa babba ke faɗa wa na ƙasa da shi, yaronsa na hannu. Laƙabin sama na manyan abokan ciniki ne, da rubutun bayan ambulan. Abin bai dame shi ba, domin duk shekara Moriyama ne ke tsaya masa a sabunta kwangilarsa, kuma shi kaɗai yake ja zuwa kasuwar Souq Waqif cin gasasshen kifi.

Sai aka ɗauko Muhsin, ɗan Kano, wanda Dikko ya girme wa da shekara goma sha biyu. Ranar farko Moriyama ya ce masa Muhsin-san.

"Yaya, da furfurarka ake ce maka kun?" in ji Muhsin a mota, yana dariya. "Ko mu saya maka jakar makaranta?"

Dikko ya yi dariyar shi ma, amma ta yaƙe. Da kalmar ce kawai, da ya haɗiye. Abin da ya ci masa rai shi ne ɗan gida ya ji ta, kuma zai kai ta majalisar Hausawa a unguwar Al Rayyan.

Matarsa Haulat ta ce, "Baban Ikhlas, mutumin nan ɗa ya ɗauke ka. Ka bar shi."

Bai bari ba. A taron safiyar Lahadi, gaban mutum goma sha ɗaya, Moriyama ya ce, "Dikko-kun, rahotonka." Dikko ya miƙe ya ce shekarunsa arba'in da shida, yana roƙon a riƙa ce masa san kamar kowa.

Moriyama ya cire tabarau, ya ɗan sunkuyar da kai.

"Ka yi haƙuri, Dikko-san."

Moriyama kuwa ya riƙe maganar. Bai sake kuskure ba ko sau ɗaya. Bai sake yi masa faɗa a kan zane ba, bai sake tambayar jikin Ikhlas ba, kifi kuma ya ƙare. Gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙo. Sau biyu Dikko ya tsaya a ƙofar ofishinsa, ya rasa yadda babba zai roƙi a mayar da shi yaro.

Watan Maris ambulan ta zo, mai kauri, da tambarin kamfani. Kwangila ta ƙare, ana godiya. A bayanta an buga sunansa da kyau: Dikko-sama.

Muhsin ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Kai, Yaya! Ka ga girma."