Saƙon Ƙarfe Biyar da Cinikin Bayan Magariba

Har yau in na tuna maganar saƙon nan sai raina ya ɓaci, kuma rabin haushin kaina nake ji, don da hannuna na haɗa shi.

Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da shagon kayan noma a Haɗeja: taki, maganin feshi, irin shinkafa, da tiyo da sauran tarkacen injin ban-ruwa. Shi kansa a Abuja yake zaune. Mutum biyu ke tsare masa shagon. Da safe ƙanin matarsa, daga la'asar kuma wani dattijo da kowa ke kira Baba, tsohon manomin fadama da ciwon gwiwa ya zaunar. Ni kuwa ina da ɗan shagon kwamfuta a bakin kasuwa, saboda haka a dangi duk abin da ke da madanni nawa ne, kuma kyauta.

Wata damina Kawu ya kira ni ya ce ya gaji da jin ciniki a baki, yana son kullum da yamma imel ya shigo masa da jimillar abin da aka sayar, da abin da kowanne cikin su biyun ya sayar. Dama na riga na buɗe musu teburin lissafi a intanet. Duk wanda ya yi ciniki sai ya cike ɗan fom a waya, layi ɗaya ya faɗa teburin: kwanan wata, kaya, adadi, kuɗi, da wanda ya sayar. Sai na rubuta 'yan layukan umarni da za su bi teburin su tsinto layukan da ke ɗauke da kwanan watan yau, su tara, su raba gida biyu, su tura wa Kawu. Abin da ya rage shi ne a sa masa lokacin tashi. Ba a zaɓar minti, awa ake zaɓa, shi kuma ya tashi a cikin awar.

Na ce, "Kawu, ƙarfe nawa?"

Ya ce, "Kafin magariba. In na fita masallaci na zauna majalisa, ba na son maganar shago."

Na sa tsakanin biyar da shida. Na gwada da cinikin ƙarya, saƙo ya shiga, Kawu ya sa mini albarka har da cewa karatuna bai tashi a banza ba. Ni ma sai wani hura hanci nake. A lokacin ruwa ya cika fadama, hanyoyin ƙauye sun yanke, ƙarfe biyar an ja ƙofar shago. Babu abin da ake sayarwa bayan saƙon ya tafi, don haka lissafi ya yi ta fita daidai, na manta da shi.

Sai rani ya zo. Duk ɗan Haɗeja ya san manomin rani ba ya barin injinsa yana ba da ruwa ya taho gari da rana tsaka. Sai rana ta faɗi za ka gan su a kan babura, ƙafa duk taɓo, daga wajen Kirikasamma da ƙauyukan bakin kogi, kowa na neman buhun taki ko maganin ciyawa na gobe. Wurin Baba suke zuwa, don shi zai dubi ganyen da ka tsinko ya gaya maka ko tsutsa ce ko yunwar taki. Yakan kai isha'i yana ciniki. Ni ma na san haka, ta gabansa nake wucewa in na tashi. Amma wallahi ko sau ɗaya ban haɗa wannan da saƙon ba.

Duk abin da Baba ya shigar bayan saƙo ya tafi, kwanan watan ranar yake ɗauka. Gobe kuma umarnin na goben yake nema. Cinikin yana nan a teburin, babu abin da ya ɓata, amma ba ya shiga saƙon yau, ba ya shiga na gobe, ba ya shiga na kowace rana. Abin da Kawu ke gani kullum shi ne ƙanin matarsa da jimilla mai kauri, Baba kuwa 'yan canjin da ya yi tsakanin la'asar da biyar.

Ban ji labari ba sai da aka yi kwana goma da sallamar Baba daga aiki. Wani manomi ne ya shigo in buga masa takarda, yake ba ni labari yana girgiza kai. Wai Kawu ya kira wayar shago, ya sa aka buɗe murya, ga mutane tsaye, ya ce shi ba gidan marayu ya buɗe ba da zai riƙa biyan mai zaman kashe wando. Baba ya ajiye makulli a kan buhu, ya ɗauki butarsa ya fita.

Na buɗe teburin, na tace layukan Baba kaɗai tun farkon rani. Innalillahi! Ya fi ƙanin matar Kawu ciniki nesa ba kusa ba. Na buga a takarda, na ɗauki hotonta na tura wa Kawu, sannan na kira shi.

Na ce, "Kawu, laifina ne. Saƙon yana tafiya kafin Baba ya fara cinikin gaske. Ka duba abin da na turo."

Ya ce, "To ai kai ka ɓata. Kwamfuta ta ce, ni me zan yi?"

"Kawu, kuɗin da ke shiga banki fa? Ai sun fi na saƙon. Ba ka taɓa tambayar daga ina suke ba?"

"Kai, ni za ka titsiye?"

Haba! Kuɗi sun yi yawa bai tambaya ba, amma lambar dattijo ta yi kaɗan har da buɗe murya. Teburin yana cikin wayarsa, dannawa ɗaya ce. Ko ni ya kira, ko ya tambayi Baba cikin mutunci, da a ranar an gane. Na danne zuciyata na ce ya kira Baba ya ba shi haƙuri ya mayar da shi. Ya ce ya riga ya yi wa wani alkawarin wurin, kuma babba ba ya lashe amansa. Ya ce, "Ka gyara agogon kawai. Kar ka je kana tone-tone."

Na gyara. Na ƙara wa teburin gurbi guda inda umarnin ke sa alama a duk layin da ya riga ya tura, ya daina kallon kwanan wata, ya riƙa kwasar duk layin da ba shi da alama. Aikin bai ci mini rabin awa ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Tone-tone kuwa sai da na yi. Washegari na hau babur na nemi Baba. A wata gonar shinkafa na same shi, ba tasa ba, yana dashe na ƙwadago, ruwa har ƙwauri, da gwiwar nan tasa. Na tsaya a kan kunya na gaishe shi, na faɗi abin da na yi, na roƙe shi gafara, na miƙa masa takardar. Ya nuna mini hannuwansa duk laka, bai karɓa ba.

Ya ce, "Ɗana, ni ai na san abin da na sayar. Kawun naka ya gani?"

"Ya gani, Baba."

"Me ya ce?"

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Ya ce in gyara agogo."

Ya dube ni jim kaɗan, ya ce, "To, ka gyara masa." Ya sunkuya ya ci gaba da dashensa.